Yadda ake rubuta kan imel na rashin zuwa aiki, a buɗe shi da wuri a kuma gane shi

Na yi shekaru ina aikin sakatariya a wani biro a nan Maraɗi, kuma kowace safiya kafin shef ya iso ni ke duba saƙonnin waɗanda ba za su zo ba. Abin da na gani shi ne, ba kasafai ake karanta imel ɗin rashin zuwa a zaune gaban kwamfuta ba. A waya ake ganinsa, shef na cikin mota ko yana kan hanyar shiga taro, ya zame da yatsa ya wuce. Layi ɗaya yake gani: sunan mai aikowa, da kan saƙon, wato abin da aka rubuta a gurbin da ake kira `Objet` in wayarka da Faransanci take, ko `Subject` in da Turanci take. Don haka ƙa'idar da nake koya wa kowane sabon ma'aikaci ita ce, ka rubuta kan saƙon yadda ko shef bai buɗe cikin ba, ya riga ya san wa ba ya zuwa, yaushe, da abin da ake jira daga gare shi.

Zan fi tsayawa kan rashin zuwa na ba-zata, irin wanda ake sanarwa da sassafe, domin nan ne aka fi yin kuskure.

Abin da za ka tanada kafin ka taɓa waya

Ba kaya masu yawa ba ne. Na farko kalanda, ko ta cikin wayarka, domin ka tabbatar da ranar mako da kwanan wata sun dace da juna. Na biyu adireshin wanda ke da ikon ba ka izini, ba na abokin aikinka kawai ba. Na uku amsar tambayoyi guda uku, ka riga ka yanke su a ranka: sanarwa nake yi ko izini nake nema, wace rana zan dawo, kuma akwai wani abu da zai tsaya saboda ba na nan, kamar makulli, ko aji, ko wani baƙo da aka yi wa alkawari. In ba ka amsa waɗannan ba, duk yadda ka juya kalmomi kan saƙon zai fito a dagule.

Abu na ƙarshe, ka san yadda sunanka ke fitowa a wayar mutane. Aika wa wani ɗan uwanka imel ka duba a wayarsa. Mutane da yawa sun buɗe akwatinsu tun suna makaranta da laƙabi, sai shef ya ga saƙo daga wani suna da bai taɓa ji ba. In haka naka yake, ka gyara shi wata rana da natsuwa, amma kafin nan dole sunanka na gaskiya ya shiga kan saƙon.

1. Fara da kalmar da ke faɗin irin saƙon

Kalmar farko ita ke yanke hukuncin ko za a buɗe yanzu ko sai an jima. Saƙon rashin zuwa iri biyu ne, kuma haɗa su ne ke jawo rigima. Akwai sanarwa: abu ya riga ya faru, ba ka iya zuwa, ba amsa kake jira ba. Akwai neman izini: kana son a ce maka i ko a'a kafin ka tafi.

In sanarwa ce, ka fara kai tsaye:

```
Ba zan zo ba yau Talata 14 Oktoba
```

In izini kake nema, kalmar ta zo a gaba:

```
Neman izini: Litinin 20 zuwa Laraba 22 Oktoba
```

Ga dalilin da na damu da wannan bambancin. Wanda ya rubuta neman izini da siffar sanarwa, shef zai ɗauka ya yi gaban kansa, kuma a wurinmu wannan rashin ladabi ne da ba a mantawa da wuri. Wanda kuma ya rubuta sanarwa da siffar neman izini, alhali yana kwance asibiti, za a ajiye saƙonsa cikin waɗanda za a duba da rana, ba wanda zai maye gurbinsa da safe.

A yawancin birorin Maraɗi har yanzu da Faransanci ake rubuta takardun aiki, ko da yake dokar da aka kafa a 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ka bi harshen da ake rubutu da shi a wurin aikinku. Tsarin ɗaya ne:

```
Absence mardi 14 octobre
Demande d'autorisation d'absence, 20-22 octobre
```

2. Sa ranar mako da kwanan wata tare, kar ka tsaya kan "yau" kaɗai

Wannan matakin na fi so ka riƙe. Kalmar "yau" ko "gobe" tana da ma'ana ne kawai a lokacin da ka rubuta ta. Kowa ya san halin rezo a garin nan, balle in kana ƙauye wajen Dakoro ko Mayahi. Ka danna aikawa da ƙarfe goma na dare, saƙon ya maƙale a `Boîte d'envoi`, bai fita ba sai da safe da rezo ya dawo. Ka rubuta "ba zan zo ba gobe" kana nufin Talata, shef ya karanta ranar Talata ya fahimci Laraba. Na ga wannan da idona: aka yi ta jiran wata ma'aikaciya har hantsi, ana kiran wayarta ba ta shiga, alhali ita tana ganin ta sauke nauyi tun daren jiya. Da ta rubuta sunan rana da kwanan wata, ba abin da zai faru.

Me ya sa biyun tare? Domin mutum da ranar mako yake tunani, "Talata muna da taro", amma mai lissafin kwanakin aiki a ƙarshen wata da kwanan wata yake nema. Kuma in ka yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona, a kira ka a tambaya.

Ka rubuta sunan watan da haruffa in akwai wuri. Mu nan 03/04 na nufin 3 ga Afrilu, amma Ba'amurke zai karanta shi 4 ga Maris. Masu aiki da ƙungiyoyin waje su kula da wannan sosai. In kwanan ya wuce 12, kamar 14/10, ba ruɗani, kana iya taƙaitawa.

In ba yini guda ba ne, ka faɗi iyakarsa: "da safe kawai", ko "zan iso 11:00". Wanda zai makara bai kamata ya rubuta kamar wanda ba zai zo ba. In kuma kwanaki ne, ranar dawowa ta fi amfani ga shef fiye da yawan kwanakin. "Kwana uku" sai an yi lissafi, a kuma yi gardama ko Asabar da Lahadi na ciki. "Zan dawo Alhamis 23" ba sai an lissafa ba.

3. Ƙara sunanka da sashenka, gwargwadon yadda aka san ka

A biro mai mutum goma, inda sunanka ke fitowa daidai, ba dole ba ne. Amma a makaranta, ko asibiti, ko duk inda shef ke da mutane da yawa, ka sa. A wurinmu akwai lokacin da Ibrahim uku muke da su. Suna kaɗai bai isa ba, sai an ce na sito, ko na lissafi, ko direba.

Ɗalibi mai rubuta wa malami, misali a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, shi ya fi kowa buƙatar wannan, domin malami ɗaya na iya koyar da azuzuwa da dama. Ya sa sunansa, da shekarar karatunsa, da darasin da zai rasa. Malamin ba zai zauna yana neman wane aji kake ba.

In da wayar wani ko akwatin wani kake aikawa, domin taka ta mutu ko ba kuran, to tsari ya juya: sunanka ne zai zo farko, kafin komai. In ba haka ba shef zai ga baƙon suna ya wuce.

4. Gaisuwa ta koma cikin saƙo

Na san wannan yana yi wa mutane nauyi. An rene mu kan cewa ba a fara magana da babba ba gaisuwa, kuma gaskiya ne. Amma kan saƙo kamar rubutun bayan ambulan ne. Ba wanda ke rubuta sallama a bayan ambulan, a cikin takarda ake yi.

Kuma akwai dalili na zahiri. Waya ba ta nuna kan saƙo duka, tana yanke shi ta sa ɗigo uku. A tawa wayar, abin da ke fitowa bai wuce haruffa 35 zuwa 40 ba, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Taka na iya bambanta kaɗan, musamman in ka ƙara girman rubutu, kamar yadda dattawa da yawa ke yi. Dubi wannan:

```
Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ina mai sanar da kai cewa ba zan samu zuwa ba
```

Ka ƙirga haruffa 35 daga farko, za ka ga sun ƙare daidai kan kalmar "ina". Shef ya ga sallama da girmamawa, bai ga komai na rashin zuwa ba. Shi kuwa misalin farko da na bayar a mataki na ɗaya haruffa 33 ne, ya fito duka. Ka buɗe cikin saƙon da sallama, da ranka ya daɗe ko ranki ya daɗe, da tambayar iyali, yadda ka saba. Ladabinka bai ragu ba.

5. Dalili: kalma ɗaya ko biyu, ko ma babu

Kan saƙo ba sirri ba ne. Yana fitowa a fuskar waya ko tana kulle, tana ajiye kan tebur, masinja da baƙi na gani. In shef ya tura saƙon ga wani, kan na biye da shi. Don haka "rashin lafiya" ya isa. Sunan ciwon, ko na mace mai juna biyu, ko rikicin gida, ko zuwa kotu, duk ba nan ne wurinsu ba. "Uzurin gida" ya rufe su duka, bayani ya zo a ciki ko baki da baki.

Rasuwa ce kawai nake ba da shawarar a ambata a fili. Kalmar na sa a buɗe nan take, ba wanda zai tambaye ka takarda da safiyar nan, kuma abokan aiki za su so su samu jana'iza ko su zo gaisuwa. In an sa lokaci, ka faɗa:

```
Rasuwa: ba zan zo ba Laraba 15, jana'iza 10:00 a Tibiri
```

Ka guji manyan baƙaƙe da alamun motsin rai a jere, da kalmar `URGENT` a kan kowane saƙo. Wanda ya saba sa ta don zazzaɓin kwana ɗaya, ranar da abu ya ƙone da gaske ba za a yi masa sauri ba. Kuma kalmar ba ta faɗin komai. Abin da ke sa a yi gaggawa shi ne a ga abin da zai lalace da kuma ƙarfe nawa.

6. In akwai abin da zai tsaya, shi ma ya hau kan saƙon

Bari in ɗauki misali guda mu bi shi daga farko. A ce kai ne mai kula da sito, a ce sunanka Sani. Daren Litinin yaronka ya kwana da zazzaɓi mai zafi, da asuba ka yanke shawarar kai shi asibiti. Makullin sito na aljihunka, kuma ranar Talata da ƙarfe goma mota za ta kawo kaya daga Yamai. Ƙarfe shida da rabi ne, kana tsaye ƙofar gida kana jiran ɗan kabu-kabu, wayar a hannu ɗaya.

Abin da hannu ke fara rubutawa shi ne "Sanarwa", ko "Barka da safiya". Wannan ba ya bambanta da saƙo ashirin da ke gabansa. Ka goge. Na biyu, "Yarona ba shi da lafiya". Gaskiya ne, zai kuma sa a tausaya, amma bai ce ba ka zuwa ba. Shef na iya ɗauka makara za ka yi. Na uku:

```
Ba zan zo ba Talata 14 Oktoba, Sani (sito)
```

Yanzu an san wa, an san yaushe. A rana ta yau da kullum nan za ka tsaya. Amma yau akwai mota, kuma abin da zai sa shef ya tashi tsaye shi ne makullin. Sai ka taƙaita kwanan watan don ka samu wuri:

```
Ba zan zo ba Talata 14/10, makullin sito na gida, Sani
```

Ka lura da jerin. Ko waya ta yanke wutsiyar, abin da ya rage shi ne rashin zuwa, da rana, da kalmar makulli. Sunan ne ya koma ƙarshe, domin yana fitowa a layin mai aikowa. A cikin saƙon sai ka gaisa, ka ce yaro ne ba lafiya, ka ce ka bar makullin wurin mai ɗakinka, a aiko direba kafin tara, mota na isowa goma, kana sa ran dawowa Laraba.

Abu ɗaya kawai ake ɗorawa a kai. In ka ce makulli da rahoto da taron yamma duk su shiga, ka koma inda ka fito. Zaɓi wanda zai fara lalacewa.

Kuma a irin wannan halin imel kaɗai bai isa ba. Duk abin da ya rage masa ƙasa da awa uku ko huɗu, ka bi shi da kira ko gajeren saƙon waya. Imel ɗin shi ne shaidar da za ta zauna a rubuce, kiran shi ne ke tabbatar da an ji. In ba rezon intanet sam, ka tura wannan layin kansa ta gajeren saƙo, ba sai ka canza ko kalma ba, sannan ka aika imel ɗin in ka samu hanya.

7. Buɗe sabon saƙo, kar ka hau kan tsohon zance

Wannan kuskuren ya fi kowane yawa, kuma na san dalilinsa: neman adireshin shef na da wuya, sai mutum ya buɗe saƙon ƙarshe da shef ya aiko ya danna amsa. Sakamakon shi ne sanarwarka ta fita da kan tsohon zance, kamar `Re: Rapport mensuel`. Gmail na tattara amsoshi ƙarƙashin zancen da suka fito, don haka shef zai ga kamar maganar rahoto ce, ya ce sai ya zauna. In ma tsohon saƙon na mutum goma sha biyar ne ka danna amsa wa kowa, duk sun ji uzurinka.

Ka kwafi adireshin, ka buɗe sabon saƙo. A kwamfuta Gmail na da `Modifier l'objet` a cikin ƴar kibiyar da ke gefen amsa, amma a waya sabon saƙo ya fi sauƙi. Kar kuma ka bar gurbin fanko, domin zai isa da `(aucun objet)`, irin saƙon da ake bari sai ƙarshe.

8. Karanta sau ɗaya, aika, ka tabbatar ya fita

Kan saƙo ba ya gyaruwa bayan ya tafi. Gmail na ba ka ƴan daƙiƙu ka danna `Annuler`, biyar ne in ba ka taɓa saitin ba, kuma a kwamfuta ana iya ƙara su har 30. Don haka kafin ka danna, ka rufe cikin saƙon da tafin hannu ka karanta kan kaɗai, ka tambayi kanka: in wannan kawai shef ya gani, zai san abin yi? Ka sake duba kalanda. Sannan ka leƙa `Messages envoyés` ka ga ya shiga can, bai tsaya a `Boîte d'envoi` ba.

In ka gano kuskuren rana bayan ya tafi, aika sabo mai farawa da "Gyara", da ranar daidai, kar ka ɓoye gyaran a cikin amsa.

Wata dabara da ta taimake ni a matsayin mai karɓa: ka riƙe kalmomi iri ɗaya kullum. In yau ka ce "neman izini", wata mai zuwa "roƙon hutu", wata kuma "uzuri", ranar da aka yi gardama kan kwanakin da ka ɗauka za ka sha wuyar tattaro su. In kalma ɗaya ce, sai ka rubuta wannan a gurbin bincike duk su fito:

```
subject:izini
```

9. In rashin zuwan ya ƙaru

Mu koma wurin Sani. An kwantar da yaron, likita ya ce sai an ga yadda zai kwana biyu. Sani ya ce zai dawo Laraba, yanzu ba zai yiwu ba. Abin da yawanci ake yi shi ne a amsa kan saƙon jiya, sai ya fito da `Re:` da ranar Talata a kansa. Shef ya gani ya ce ai na riga na karanta wannan. Sabuwar rana na buƙatar sabon kai, kuma tun daren Talata, ba safiyar Laraba ba:

```
Ƙarin kwana: zan dawo Juma'a 17/10, Sani (sito)
```

In bai san ranar dawowa ba, kar ya ƙirƙira, kar kuma ya rubuta "sai yadda hali ya yi", domin ba a tsara aiki a kan wannan. Ya faɗi ranar da ya tabbata ba ya nan, da ranar da zai sake magana: "Ba zan zo ba Laraba 15/10, zan sanar da yamma". In asibiti sun ba shi takarda, ya ɗauki hotonta ya liƙa, ya ƙara "da takardar likita" a ƙarshen kan saƙon, domin mai lissafin kwanakin aiki ya same ta ba tare da ya buɗe saƙonni uku ba.